Kusurwoyi Uku a Ajin Malam Manasse

Ni ba malamar tattalin arziki ba ce. Hausa nake koyarwa, kuma lissafin da na iya bai wuce na cefane ba. Abin da ya kai ni ajin Malam Manasse kuwa ambaliya ce. Tun da ruwan madatsar Alau ya shiga Maiduguri ya jiƙa ofishin malamai, silin ya rufto, sai kowa ya nemi inda zai raɓe. Ni na ɗauki teburina na kai bayan ajin SS2, tunda ni ce uwar ajin, ina duba littattafan yara kunnena yana kan abin da ake yi a gaba.

Makarantarmu ta 'yan mata ce, ta kuɗi, amma irin ta kuɗin talaka, a kan hanyar Muna. Malam Manasse mutumin Biu ne, dogo siriri, kullum da alli a gwiwar rigarsa. Daga Bulumkutu yake zuwa, keke napep biyu yake hawa kafin ya iso, amma ban taɓa ganin ya makara ba. Halinsa ɗaya da ke ba ni haushi yana kuma burge ni: bai yarda da littafin aji kaɗai ba. Duk rahoton da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar sai ya je shagon kwamfuta ya bugo da kuɗin aljihunsa, ya raba wa yara, ya ce ai ƙasarsu ce, gara su ji daga bakin mai ita.

Da rashin aikin yi ya fara. Ya rubuta a allo: huɗu da ɗigo uku cikin ɗari. Ya juyo ya ce wannan shi ne adadin marasa aikin yi a Najeriya, in ji rahoton tsakiyar shekarar 2024.

Aji ya fashe da hayaniya. Ni kaina sai da jan birona ya faɗi. Huɗu? A layinmu kaɗai zan ƙirga maka samari huɗu a gindin dalbejiya guda kafin ka ce kwabo.

Kambili, 'yar mai shagon kayan lantarki a Kasuwar Monday, wadda aka haifa a unguwar Wulari kuma Hausa a bakinta kamar jakin Kano, ta miƙe ba tare da ɗaga hannu ba. "Malam, wallahi wannan ba Najeriyarmu ba ce. Ko dai sun manta da sifili?"

"Ba su manta da komai ba," in ji Malam Manasse. "Ku tashi. Kowa ta zo ta karɓi kati."

Su arba'in ne a ajin, katunan ma arba'in, kowanne da mutum a rubuce: mai gyaran waya, ɗaliba, tsoho mai fansho, mai sayar da ƙosai. Ya rubuta wa kusurwoyi uku na ajin suna da alli a bango. Ta kusa da ƙofa, MASU AIKI. Ta kusa da taga, MARASA AIKI. Ta baya, dab da teburina, WAJEN ƘIRGA. Ya ce tambayoyi ne ke raba mutane, kuma daga ɗan shekara goma sha biyar ake farawa. Ta farko: a makon da ya wuce, ka yi aikin da ake biya ko ake samun riba, ko da na awa ɗaya ne? In eh, kusurwar ƙofa. In a'a, to kana neman aikin a makonnin nan, kuma in an ba ka a shirye kake ka fara? In eh, taga. In ba ka nema, baya.

"Awa ɗaya?" Kambili ta dafe ƙirji. "Yayana Stanley ya gama jami'a, yana kwance a gida shekara biyu. Ran Asabar kaɗai yake tsare wa Baba shago in ya je saro kaya."

"Kusurwar ƙofa."

"Ko sisi ba a ba shi!"

"Shagon gida ne, don riba aka buɗe shi. Mai taya sana'ar gida yana cikin masu aiki. Ƙofa."

Katin hannunta ma na ƙofa ne, ta tafi tana jan ƙafa kamar wadda aka yi wa mutuwa. Da ƙura ta lafa, goma sha tara na ƙofa, ashirin sun cunkushe a bayana, yarinya ɗaya tal na tsaye jikin taga tana raba ido.

Malam Manasse ya ce, "To, a yi mana lissafi. Su wa ake rabawa da su?"

Ammatullahi Madu ce ta amsa, kamar kullum. Yarinya ce 'yar shekara sha shida, ƙarama a jiki, mai kaifin kai da har malamin lissafi ke shakkar tambayarta. Burinta ta karanta ƙididdiga a jami'a, kuma tun tana SS1 take faɗa. Katin ɗaliba ta samu, don haka tana baya kusa da ni.

"Ba da arba'in za a raba ba, Malam," ta ce a hankali, tana ganowa tana faɗa. "Mu na baya ba ma ciki. Sha tara da ɗaya, ashirin. Ɗaya cikin ashirin. Biyar cikin ɗari." Sai ta ƙara, "To wanda ya gaji da nema ya haƙura fa?"

"Yana nan kusa da ke."

"Innalillahi," in ji wata daga baya.

Dokar ajin ce in an ba da amsa daidai a yi tafi uku. Aka tafa mata, amma tafin mutanen da jikinsu ya mutu. Malam Manasse ya bayyana musu cewa talatin da uku cikin ɗarin da suka taɓa ji a rediyo da tsohon ma'auni aka auna shi, lokacin da sai ka yi awa ashirin a mako kafin a cire ka daga marasa aiki. Yanzu an koma ma'aunin da sauran ƙasashe ke bi. Ba ƙarya aka yi ba, mudun ne aka canza. Ya kuma nuna musu shafin da ke cewa fiye da casa'in cikin ɗari na masu aikin nan buga-buga suke yi, ba albashi ba fansho. Ya ce talaka ba shi da halin zama ba aiki, shi ya sa lambar ta yi ƙasa.

Ammatullahi ta ce ita dai ba ta son kusurwar baya, kamar an jefar da mutum.

"Ke taki mai kyau ce," in ji shi. "Ɗaliba ce ke. Zauna a nan har ki gama jami'a, ƙofa ba inda za ta."

Mako na gaba aka yi bunƙasar tattalin arziki. Uku da ɗoriya cikin ɗari. Ya ce wannan ƙarin kaya da ayyukan da ƙasa ta samar ne bayan an cire kumburin farashi, don in ba a cire ba, tsada ma sai ta zama ci gaba. Ya zana tukunya a allo ya ce tuwon ya ƙaru da uku, amma masu ci sun ƙaru da biyu da wani abu, sai a duba abin da ya rage wa kowane baki. Kambili ta tambaya wa ke riƙe da mara. Ya ce lambar ba ta faɗa ba, tuwon kaɗai ta auna. Ranar ma an fita ana salati, masu coci na kiran Yesu.

A nan ya kamata in faɗi halin da gidan su Ammatullahi ke ciki, don mu malamai rabinsa kaɗai muka sani a lokacin. Mahaifinta, Ba Madu, manomin shinkafa ne a Zabarmari, iyalinsa na zaune a gari. Ambaliyar nan ta shafe gonarsa tas. Yana da keke napep guda da yake bayarwa haya, sai ya sayar da shi, ya sayi shanshera, wato shinkafar da ba a cashe ba, ya jibge a wani sito a Zabarmari. Dabararsa irin ta iyaye da kakanni ce: a saya da kaka, a sayar gab da azumi lokacin da kowa ke neman ta. Da ribar zai noma damina mai zuwa, ya biya wa Ammatullahi kuɗin SS3 da na jarrabawar fita. Buhunan nan su ne karatunta gaba ɗaya, ba wata hanya bayansu.

Sai ga watan Fabrairu na 2025, azumi ya ƙarato, rediyo ta ɗauka cewa hauhawar farashi ta sauko daga kusan talatin da biyar zuwa ashirin da huɗu da rabi. Gari ya ɗauki murna. Mai keken da ya kawo ni ranar har cewa ya yi in sha Allahu bana za a sha ruwa da nama.

Malam Manasse ya shigo da takardunsa yana murmushin mugunta. Ya tambaya wa ke ganin kaya za su yi sauƙi. Hannuwa suka tashi kamar an ce wa ke son hutu. Ni ma a zuciyata na ɗaga.

"Ku sauke," ya ce. "Kun hau keke daga nan za ku Post Ofis. Direba yana sheƙa gudu, sai ya rage. Keken ya koma baya?"

"A'a."

"Yana ina?"

"Yana gaba, a hankali."

"To haka farashi." Ya rubuta dubu ɗaya a allo. "Abin da aka saya haka a Janairun bara, a Janairun bana, in an haɗa an raba, ya kai dubu ɗaya da ɗari biyu da arba'in da biyar. Wannan ita ce ma'anar ashirin da huɗu da rabi. Bai sauka ba. Hawa yake." Ya ƙara da cewa ko ragin gudun ma a yi hattara da shi, don a watan ne hukumar ta sabunta jerin kayan da take aunawa da shekarar da take kwatantawa da ita, saboda haka lambar Disamba da ta Janairu ba 'yan mudu ɗaya ba ne.

Ban taɓa ganin yara arba'in sun yi jugum lokaci guda haka ba. Kambili ta zame ta kwanta a benci ta ce a tashe ta in an gama ƙasar.

Ammatullahi kuwa idonta ya ƙyalla. "Malam, ke nan wanda ya riƙe kuɗi a hannu shi ke asara?"

"Kuɗin da ke kwance ƙarƙashin filo, eh. Bara ya sayi mudu biyar, bana huɗu."

"Wanda ya riƙe kaya fa?"

"Wannan sai mun buɗe kwandon. Mako mai zuwa zan zo da..." Ƙararrawa ta katse shi, malamar Turanci na tsaye a ƙofa tana duba agogo. Ya tattara allinsa. Ammatullahi ta roƙe shi takarda ɗaya ta tafi da ita gida, ya ba ta yana jin daɗi. Wane malami ne ba zai ji daɗi ba?

Abin da ya faru a gidan, daga baya na ji shi daga bakinta. Ta tarar da Ba Madu ya riga ya yi magana da dillali, jibi za a zo da mota a kwashe shanshera. Shi ma ya ji rediyo, kuma yadda ya fahimta, kaya za su faɗi, gara ya rabu da ita da wuri. Ta shimfiɗa takardar a kan tabarmarsa bayan la'asar. Ta yi masa misalin keke napep. Ta yi masa mudu biyar da mudu huɗu. Ta ce in ya sayar yanzu kuɗin za su narke a hannunsa kafin Satumba, in kuwa ya bar ta a buhu, farashi zai ɗauke ta ya hau da ita.

Ya ce, "Feronyi," wato 'yata da Barbarci, "ni tun ina yaro shinkafa ba ta ganin sallah a sitona."

Ta ce, "Baba, ba ni na faɗa ba. Gwamnati ce ta auna ƙasa gaba ɗaya. Ga hatiminsu."

Ba Madu bai yi boko ba, kuma shekara da shekaru 'yan'uwansa na yi masa dariyar zuba kuɗi a karatun 'ya mace. Ranar ya ga 'yarsa tana karanta masa takardar Abuja kamar wasiƙar gida, tana fassarawa da Barbarci ba gargada. Ya daɗe yana kallonta. Ya ɗauki waya ya ce wa dillali an fasa. Har a majalisarsu ya riƙa faɗa cewa yau ya fara cin ribar boko.

Ranar da Malam Manasse ya zo da kwandon, kujerar Ammatullahi ba kowa. Ta bi babanta Zabarmari su zuba maganin ƙwari su ɗora buhuna a kan katako, tunda zaman zai yi tsawo. Saƙon da ta aiko ta bakin Kambili shi ne uzurin gida.

Kwando ne na gaske ya zo da shi, na matarsa. Ciki akwai ƙullin shinkafa, garin rogo, sabulu, katin waya, kwalbar fetur, fakitin maganin zazzaɓi, da takarda da aka rubuta kuɗin haya. Ya ce hukumar tana bin farashin ɗaruruwan abubuwa irin waɗannan a kasuwannin ƙasa, kowanne da nauyinsa gwargwadon abin da mutane ke kashewa a kai, ta haɗa ta fitar da lamba ɗaya. Ya ɗaga kwalbar fetur sama da hannun dama, ya sauke ƙullin shinkafa ƙasa da na hagu.

"Kwando yana iya hawa alhali wani abu a cikinsa yana sauka. Lambar ba ta san kayan shagon babanki ba. Abu na biyu, ku rubuta da manyan baƙi: labarin jiya take bayarwa. Daga bara zuwa bana. Ba boka ba ce, ba ta san gobe ba."

Yara talatin da tara suka rubuta. Ni ma na rubuta a bayan littafin wata, don ya yi min daɗi. Da Ammatullahi ta dawo aka shiga gwaji, sai azumi, sai hutu. Ta ari littafin Kambili ta kwafa, amma rubutun Kambili sai Allah, kuma abin da ta rubuta a ranar bai wuce jerin kayan kwando ba da zanen Malam riƙe da kwalba.

Zango na uku na lura yarinyar ta yi sanyi. Ta daina tambaya. Na kira ta sau biyu ta ce kanta ke ciwo. Ni kuma a lokacin murna nake, don a kasuwa shinkafa ta fara sauka, ta waje ta cika ko'ina, mudun da nake saya ina tsaki ya dawo ina saya ina hamdala. Ban kawo komai a raina ba.

Aka koma sabuwar shekarar karatu a Satumba. Ammatullahi ba ta dawo ba. Mako biyu, uku. Wayar babanta a kashe. Kambili ta je gidan ta tarar sun tashi.

Rannan ina bayan aji a teburina, don har yau ba a gyara silin ba, Malam Manasse yana yi wa sabbin 'yan SS2 darasin kusurwoyi. Katunan nan dai na bara, sun yi laushi. Sha tara a ƙofa, ɗaya a taga, ashirin a bayana. An gama ihun awa ɗaya, an yi lissafi, biyar cikin ɗari na rubuce a allo. Sai aka yi sallama.

Ammatullahi ce. Ba kayan makaranta a jikinta, atamfa ce da hijabi da ya koɗe. Hannayenta sun yi baƙi sun yi kanta. Tana rungume da littattafan makaranta uku da aka ba ta aro.

"Malama Rashida, na kawo littattafai ne. An ce a ba uwar aji."

Na miƙe. "Ke! Ina kika shiga? Kin san an fara rajistar 'yan SS3?"

"Na sani, Malama."

Malam Manasse ya ƙaraso da fara'arsa. "Ga ƙwararriyarmu. Yara, wannan ita ce ta..." Sai ya ga hannayen, ya tsaya.

A bakin ƙofa ta faɗa mana, muryarta ƙasa-ƙasa, yara na leƙe. Bayan sallah farashin shanshera ya fara zamewa. Ba Madu ya ce a sayar, ta ce a ƙara haƙuri, rahoton watan ma ya ce hawa ake. Wata ya sake zagayowa, ta je shagon kwamfuta da kuɗin karin kumallonta ta duba, lambar tana nan sama da ashirin, ta ce a jira. Suka jira har damina ta faɗi, danshi ya shiga sito. Da suka sayar, abin da aka ba su bai kai kuɗin da ya saya ba, nesa ba kusa ba. Ba a yi noman bana ba. Kuɗin haya ya gagara, suka koma ɗaki ɗaya wajen Muna. Ba Madu ya tafi Baga dakon kifi.

Ni dai na zauna a bakin benci. Duk mudun da na saya ina godiya ga Allah, ashe daga jikin yarinyar nan ake yankar min.

Malam Manasse ya matso kusa da ita. Da ƙyar ya ce, "Kwandon. Ba ki ga darasin kwando ba?"

"Wane kwando, Malam?"

Ya juyo ya kalle ni. Na tuna kujerar nan da ba kowa. Ya faɗa mata a tsaye, cikin jimla huɗu ko biyar, abin da ya ɗauki minti arba'in yana yi da kwalba da ƙulli. Tana saurare tana gyaɗa kai kamar yadda ta saba, kuma na rantse a take ta gane, don kan nan nata bai tafi ko'ina ba.

"Ashe shinkafa abu ɗaya ce a ciki," ta ce. "Ashe takardar ba ta yi ƙarya ba." Ta dube ni. "Ni na ce masa akwai hatimi."

"Me babanki ya ce?" na tambaya.

"Bai ce komai ba, Malama. Da ya zage ni da ya fi min. Ranar da zai tafi ma takardar ya ninke ya ba ni, ya ce in adana, kayan karatu ne."

Malam Manasse ya share fuskarsa da tafin hannu, alli ya shafe masa goshi. "Ki dawo. Ni zan biya zangon nan. Malama za ta yi wa shugaba magana a kan rajista. Laifin..."

"Ba laifinka ba ne, Malam. Ka ce sai an buɗe kwando, ni ce ban jira ba." Ta gyara hijabinta. "Kuma ba kuɗin makaranta ba ne kaɗai. Ni da Ya, mahaifiyata, muke turara shinkafar mutane, mu shanya, mu kai inji, a biya mu kan kowane buhu. Bayanta ya ƙi, ba ta iya ɗaga tukunya. In na zo nan, ƙannena huɗu ba za su ci ba."

Na ce za mu je mu ga mahaifiyarta. Ta ce mu zo, za a yi murna. Yadda ta faɗa na san ta riga ta yi wannan lissafin ta gama, kuma ita ba ta kuskuren lissafi.

Ta ajiye littattafan a teburina. A nan idonta ya faɗa kan bango, kan rubutun allin da aka sabunta, WAJEN ƘIRGA, inda ta tsaya bara. Ta dubi allo. Ta dubi yaran da ke tsaye riƙe da katuna, sun gaji da jira.

"Katunan bara ne, Malam?"

"Su ne."

"Sha tara, ɗaya, ashirin?"

Ya gyaɗa kai. Ta taka daga teburina, ta ratsa tsakiyar aji, ta je kusurwar ƙofa ta tsaya a cikin masu aiki. Yaran suka matsa mata, a zatonsu cikin darasin ne.

"Shekarata sha bakwai, na yi aikin da aka biya ni a makon jiya, ya fi awa ɗaya," ta ce da muryar amsa tambaya. "Masu aiki sun zama ashirin. Da mai nema ɗaya, ashirin da ɗaya. Ɗaya cikin ashirin da ɗaya." Ta ɗaga ido sama kaɗan, yadda take yi in tana rabawa a ka. "Huɗu da ɗigo takwas. Malam, a goge biyar ɗin. Rashin aikin yi ya ragu."

Wata yarinya a gaba ta danna kalkuleta ta ce, "Daidai ne!"

Tun makon farko Malam Manasse ya koya musu dokar ajin, kuma yara ne masu biyayya. Suka tafa mata sau uku, da ƙarfi, har 'yan ajin kusa suka leƙo.

Ammatullahi ta ce mu huta lafiya, ta bar shinkafa a shanya kuma hadari na haɗuwa. Ƙofar na dab da inda take tsaye, ta fita. Malam Manasse yana nan a gaban allo da dasta a hannu, bai goge biyar ɗin ba, har aka kaɗa ƙararrawa.